Lissafin Zubi-Zubi: Yadda Ake Gane Abokan Cinikin da Suke Dawowa

Kawuna yana da shagon sayar da abincin kaji a nan Maradi, kuma tun watan Janairun 2025 ya soma rubuta sunan duk wanda ya saya a karon farko tare da lambar wayarsa, domin yana kai wa mutane kaya har gida. A ƙarshen watan Yuni ya nuna mini littafinsa da farin ciki, ya ce mutum 150 ne suka saya a watan, abin da bai taɓa samu ba. Na tambaye shi, “Kawu, mutum nawa ka rubuta gaba ɗaya tun da aka fara?” Muka ƙirga muka samu 305. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, “To ɗana, sauran 155 ɗin ina suka shiga?”

Jimillar masu saye a wata ba ta iya amsa wannan tambaya, domin tana cakuɗa sabon da ya shigo jiya da tsohon da ya yi wata shida yana zuwa. Shago yana iya ɗiban sababbi da yawa kowane wata alhali yana yoyo ta ƙasa, kuma muddin masu shigowa sun fi masu fita, jimillar za ta ci gaba da hawa har ranar da shigowar ta ragu. Mai kiwon kaji ya riga ya san maganin wannan matsala a cikin sana'arsa. Ba ya haɗa ƴan tsakin da ya zuba a watan jiya da waɗanda ya zuba yau idan yana son sanin nawa suke mutuwa, kowane zubi yana da lissafinsa, kuma yana kwatanta zubi da zubi ne a lokacin da suke da kwanaki ɗaya a duniya. Wannan shi ne abin da masana lissafin kasuwanci suke kira nazarin kohot, ni kuwa zan kira kowane rukuni zubi: duk waɗanda aka yi wa rajista a wata ɗaya zubi ɗaya ne, kuma suna nan a cikin zubinsu har abada ko sun daina zuwa. Alƙaluman da za su biyo baya na daidaita su ne domin su zama misali mai sauƙin bi.

Abubuwa biyu da za a yanke kafin a buɗe kwamfuta

Na farko shi ne abin da ake nufi da rajista. A shagon kawu ba a rubuta mutum sai ranar da ya sayi buhunsa na farko, saboda haka ranar rajista ita ce ranar cinikin farko, kuma kowane zubi yana farawa da kashi ɗari cikin ɗari. A wata sana'ar, kamar manhajar waya da mutum zai iya buɗe asusu a cikinta bai sayi komai ba, watan farko zai kasa ɗari, kuma wannan giɓin shi kansa labari ne da ya kamata a gani.

Na biyu shi ne abin da ake nufi da cewa mutum yana nan. Mun yanke cewa duk wanda ya saya aƙalla sau ɗaya a cikin wata yana nan a wannan watan, ko buhu ɗaya ya ɗauka ko ashirin. Ba a zaɓen wata haka kawai, dole ne tsawon lokacin ya fi tazarar da mutane suka saba bari tsakanin saye da saye. Kazar ƙwai tana cin kimanin giram 110 zuwa 120 a rana, saboda haka mai kaji ashirin a bayan gida zai cinye buhu mai kilo 25 a cikin kwana goma ko sha ɗaya. Idan irin wannan mutum ya yi wata cur bai zo ba, to ko ya sayar da kajin ne ko ya koma wani shago. Da kayan da ake sayarwa irin wanda yake yin mako shida ne kafin ya ƙare, da lissafin wata-wata zai riƙa nuna mutane sun ɓace alhali suna gida suna amfani da abin da suka saya, kuma a can sai a yi lissafin wata uku-uku.

Shirya shafuka biyu

Ana buƙatar shafuka biyu a cikin Excel. Na farko na sa masa suna `Mutane`, kuma kowane abokin ciniki yana da layi ɗaya tak a cikinsa: lambarsa a `A`, ranar rajistarsa a `B`. Na biyu na sa masa suna `Ciniki`, kuma kowane saye yana da layinsa: lambar mai saye a `A`, ranar saye a `B`, kuɗin a `C`. Shagon kawu ya ba mu layi 305 a shafin farko, da layuka masu yawa ƙwarai a na biyu.

Lambar mutum ita ce ginshiƙin aikin duka, kuma a nan ne na ɓata mafi yawan lokacina. Suna ba ya isa, domin a littafin akwai Malam Sani har huɗu. Lambar waya ta fi, amma ita ma tana da nata cikas. Mutum ɗaya yana iya kira da layin Airtel yau, gobe ya kira da na Moov, yaron shago kuma ya rubuta shi a matsayin sabo. An rubuta wasu lambobi da 227 a gaba, wasu babu, wasu da tazara tsakanin alƙaluma biyu-biyu, ga kuma masu zuwa daga wajen Ɗan Isa da suke ba da lambar Najeriya. Illar wannan ninki biyu ce: mutumin da aka rubuta sau biyu yana bayyana kamar ya gudu daga zubinsa na asali, kuma yana kumbura sabon zubin da ba nasa ba. Abin da muka yi shi ne muka zauna da kawu da yaron shagon muka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, muka ba kowa lamba ta shago daga 1 zuwa sama, muka ajiye lambobin waya a gefe. Mutum 305 da na ambata su ne suka rage bayan wannan tankaɗe. Aikin ya ci mana yamma biyu, kuma ban ga hanyar tsallake shi ba.

A duba ranaku su ma. Idan Excel ya ɗauki rana a matsayin rana ta gaske, yakan jingina ta a gefen dama na gidanta. Idan ta maƙale a hagu, to rubutu ne kawai a wurinsa, kuma fomula ba za ta iya lissafi da ita ba.

Fomuloli huɗu

Da Excel na Faransanci zan rubuta fomulolin. A shafin `Mutane`, a gidan `C2`, ana mayar da ranar rajista zuwa ranar farko ta watan, domin duk ƴan wata ɗaya su sami alama iri ɗaya:

```
=DATE(ANNEE(B2);MOIS(B2);1)
```

A shafin `Ciniki`, a gidan `D2`, ana ɗauko wa kowane saye zubin mai shi:

```
=RECHERCHEV(A2;Mutane!A:C;3;FAUX)
```

Idan `#N/A` ya fito, ma'anarsa akwai mai saye wanda ba shi da layi a shafin `Mutane`, ko kuma lambarsa rubutu ce a shafi ɗaya kuma adadi a ɗayan. Kada a goge irin waɗannan layuka don a huta, a nemo masu su.

A gidan `E2` ana lissafa wata nawa ne tsakanin rajista da wannan saye. Wannan adadi shi ne zuciyar aikin, domin shi yake jera zubin Janairu da na Afrilu a kan ma'auni ɗaya:

```
=(ANNEE(B2)-ANNEE(D2))*12+MOIS(B2)-MOIS(D2)
```

Sayen da aka yi a watan rajista yana ba da 0, na watan da ya biyo yana ba da 1. Ɓangaren shekara da ake ninkawa da 12 shi yake hana lissafin karyewa idan an tsallaka daga Disamba zuwa Janairu. Wanda ya bar shi zai ga mutumin Nuwamba da ya saya a Fabrairu ya fito da tazarar da ta kasa sifili.

Na huɗu yana magance kuskuren da ya fi kowane yawa, wato ƙirga ciniki a maimakon mutane. Mai gonar da ya zo sau takwas a watan Maris mutum ɗaya ne. A gidan `F2` ana sa 1 a kan sayen farko na kowane mutum a kowane wata, sauran kuma su sami 0:

```
=SI(NB.SI.ENS(A$2:A2;A2;E$2:E2;E2)=1;1;0)
```

A lura da alamar `$` da ke kan farkon kowane zango kaɗai. Ita ce take sa zangon ya riƙa tsawo yayin da ake jan fomular ƙasa, ta yadda kowane layi yake duba na samansa kawai. Mai amfani da Excel na Ingilishi zai sa waƙafi a wurin `;`, sannan ya rubuta `YEAR`, `MONTH`, `VLOOKUP`, `FALSE`, `IF` da `COUNTIFS` a madadin sunayen da ke sama.

Gina jadawalin

A shafi na uku ana jera watannin rajista daga `A2` zuwa ƙasa, kowanne a matsayin ranar farko ta wata. A `B2` ana ƙirga girman zubi da `=NB.SI(Mutane!C:C;A2)`. A layin sama, daga `C1` zuwa `H1`, ana rubuta 0 zuwa 5. A gidan `K1` kuma ana rubuta ranar farko ta wata na ƙarshe da ya cika, wanda a wurinmu shi ne 1 ga Yunin 2025. Sannan a `C2`:

```
=SI(MOIS.DECALER($A2;C$1)>$K$1;"";SOMME.SI.ENS(Ciniki!$F:$F;Ciniki!$D:$D;$A2;Ciniki!$E:$E;C$1))
```

A Ingilishi `MOIS.DECALER` shi ne `EDATE`, `SOMME.SI.ENS` shi ne `SUMIFS`, `NB.SI` kuma `COUNTIF`. Ana jan fomular dama da ƙasa har ta cika jadawalin. Ga abin da ya fito mana:

| Zubi | Yawa | 0 | 1 | 2 | 3 | 4 | 5 |
|---|---|---|---|---|---|---|---|
| Janairu | 40 | 40 | 26 | 22 | 18 | 20 | 19 |
| Fabrairu | 80 | 80 | 60 | 20 | 18 | 16 | |
| Maris | 50 | 50 | 25 | 27 | 25 | | |
| Afrilu | 30 | 30 | 21 | 18 | | | |
| Mayu | 60 | 60 | 27 | | | | |
| Yuni | 45 | 45 | | | | | |

Jadawalin ya fito da siffar matakala, kuma haka ya kamata. Gidajen da babu komai a cikinsu watanni ne da ba su zo ba tukuna, kuma rabin farko na fomular an sa shi ne domin ya bar su fayau. Sifili yana cewa an jira mutane ba su zo ba, gida fayau kuwa yana cewa lokacin bai yi ba, kuma duk wanda ya bari suka gauraya zai ɓata kowane matsakaici da zai fitar daga baya. Saboda wannan dalilin ne kuma ba a sa watan da ake ciki. Da mun yi wannan aiki ranar 10 ga Yuli muka saka Yuli a ciki, da gidan ƙarshe na kowane layi ya nuna faɗuwa mai tayar da hankali, alhali mutane da yawa ba su kai ga ƙarar da buhun da suka saya a ƙarshen Yuni ba.

Kafin a yarda da jadawalin sai a gwada shi. A wurinmu gidan 0 dole ya yi daidai da yawan zubi a kowane layi. Haka kuma idan aka tara gidajen ƙarshe na dukan layukan, wato 19 da 16 da 25 da 18 da 27 da 45, dole a sami yawan mutanen da suka saya a Yuni. Mun samu 150, daidai da abin da kawu ya ƙirga da hannunsa a littafi. Da an samu saɓani, to akwai lamba da ta ɓace ko rana da aka rubuta ba daidai ba.

Daga nan sai a yi jadawali na biyu a ƙasansa, inda ake raba kowane gida da yawan zubinsa na asali da `=SI(C2="";"";C2/$B2)`, a nuna shi a matsayin kashi cikin ɗari. Kullum da yawan asali ake rabawa, ba da na watan da ya gabata ba.

| Zubi | 0 | 1 | 2 | 3 | 4 | 5 |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Janairu | 100 | 65 | 55 | 45 | 50 | 48 |
| Fabrairu | 100 | 75 | 25 | 23 | 20 | |
| Maris | 100 | 50 | 54 | 50 | | |
| Afrilu | 100 | 70 | 60 | | | |
| Mayu | 100 | 45 | | | | |
| Yuni | 100 | | | | | |

Karanta shi a kwance

Layin kwance tarihin zubi ɗaya ne. Zubin Janairu ya rasa kashi 35 a wata na farko, ya ƙara rasa goma a na biyu, daga nan sai ya tsaya yana yawo kusa da rabi. Abin da ake nema a layi shi ne wurin da gangaren yake lafawa. Idan ya lafa, shagon yana da mutanen da suka zama nasa, kuma kowane sabon zubi zai ƙara wani abu a kan tushen. Idan kuwa layin yana ta gangarowa wata bayan wata ba tare da ya tsaya ba, to sana'ar tana rayuwa ne a kan neman sababbi kawai, kuma ranar da neman ya tsaya cinikin zai bi shi.

Mai karatu zai lura cewa Janairu ya tashi daga 45 zuwa 50. Ba kuskure ba ne. Tunda muna ƙirga duk wanda ya saya a watan, wanda ya yi fashin wata ɗaya ya dawo ana sake ƙirga shi. Akwai wata hanyar da ake cire mutum gaba ɗaya tun daga fashinsa na farko, kuma a cikinta layi ba ya taɓa hawa. Ta dace da sana'ar da ake biyan kuɗin wata-wata, amma ga shago irin wannan za ta binne mutanen da suke da rai.

Layin da ya fi ɗaukar hankali shi ne na Fabrairu. Shi ne zubi mafi girma, kuma shi ya fi kowa dawowa a wata na farko, kashi 75, sannan a wata na biyu ya faɗo zuwa 25. Da na nuna wa kawu sai ya yi murmushi ya ce, “Ai waɗannan ƴan Sallah ne.” A 2025 azumi ya kama ne a farkon Maris, ƙaramar Sallah kuma ta zo a ƙarshensa. Kajin nama suna isa yanka a mako shida zuwa takwas, saboda haka wanda yake son sayar da kaji a kasuwar Sallah a Fabrairu zai zuba ƴan tsaki, ya sayi abinci a Fabrairu da Maris, ya sayar, ya share keji. Don mu tabbatar, sai muka ƙara wani layin tsaye a shafin `Mutane` muka rubuta irin kajin kowa, muka raba zubin gida biyu. Daga cikin 80 ɗin, 55 masu kajin nama ne, kuma 7 kaɗai daga cikinsu suka saya a Afrilu, wato kashi 13. Sauran 25 masu kajin ƙwai ne, kuma 13 daga cikinsu suka saya, wato kashi 52, kusan daidai da zubin Janairu. Ashe shagon bai ɓata wa kowa rai ba. Mutane iri biyu ne aka zuba a kwando ɗaya, kuma abin da ya dace da masu kajin nama shi ne a ajiye lambobinsu a kira su wata biyu kafin wata Sallar.

Jadawalin shi ya nuna inda za a duba, amma kawu ne ya san dalili. Ban taɓa ganin wannan aiki ya yi amfani ba idan mai lissafi ya zauna shi kaɗai ba tare da wanda yake tsaye a shago ba.

Karanta shi a tsaye da kuma a karkace

Layin tsaye yana kwatanta zubi da zubi a lokacin da suke tsara ɗaya, kuma shi yake nuna ko sababbin da ake samu yanzu sun fi na da zama. A ƙarƙashin 1 muna da 65, 75, 50, 70 da 45. Biyu ne suka yi ƙasa, Maris da Mayu, kuma dalilansu ba ɗaya ba ne. Ana gane haka ne idan aka karanta jadawalin a karkace.

Kowane wata na kalanda yana ratsa jadawalin a karkace, daga ƙasa ta hagu zuwa sama ta dama. Afrilu shi ne wata na 1 ga zubin Maris, na 2 ga Fabrairu, na 3 ga Janairu. A bi waɗannan gidaje: Maris ya sami 50 sannan ya hau 54 a watan da ya biyo, Janairu ya sami 45 sannan ya hau 50. Zubi biyu da ba tsara ɗaya ba sun nutse a wata ɗaya kuma sun taso tare, saboda haka matsalar ta watan ce, ba ta mutanen ba. Da muka koma littafi sai muka ga cewa shagon ya yi kwana goma a Afrilu babu abincin kajin ƙwai, kuma kaza ba ta jira, dole mai ita ya je wani wuri. Ga kuma zafin bazara, lokacin da kaji suke rage ci kuma wasu masu kiwo suke rage garke. Ka'idar da nake bi ita ce: idan tabo ya bi layin kwance, a binciki su waye mutanen da yadda aka samo su, idan ya bi karkace, a binciki abin da ya faru a shago ko a gari a wannan watan.

Zubin Mayu na farkon iri ne. Watansu na 1 shi ne Yuni, kuma a Yuni sauran zubin ba su nutse ba: Janairu ya rasa mutum ɗaya, Fabrairu biyu, Maris biyu, Afrilu uku. Saboda haka kashi 45 ɗin nasu ne su kaɗai. A Mayu ne kawu ya yi rangwame a kan buhun farko, kuma rangwamen ya kawo mutum 60, amma 27 kaɗai suka dawo. Da sun dawo gwargwadon zubi huɗu na baya, inda 132 daga cikin 200 suka dawo, wato kashi 66, da an ga kusan 40. Abin lura kuma shi ne zubin Afrilu da ba a yi masa rangwame ba ya bar mutum 21 daga 30, saboda haka ninka masu shigowa sau biyu ya ƙara mutum shida ne kacal a kan masu dawowa. Da wannan adadi ne ya kamata a auna kuɗin da rangwamen ya ci.

Inda lissafin yake yaudara

Idan ana son adadi ɗaya ga wata na 2, akwai hanyoyi uku da mutane suke bi, kuma ɗaya ce daidai. Wanda ya tara 55, 25, 54 da 60 ya raba huɗu zai sami 48.5, amma ya ba zubi mai mutum 30 nauyi ɗaya da mai mutum 80. Wanda ya tara mutanen, 22 da 20 da 27 da 18, ya sami 87, sannan ya raba da 305, zai sami 28.5, domin ya saka ƴan Mayu da Yuni waɗanda ba su kai wata na 2 ba. Daidai shi ne a raba 87 da 200, wato jimillar zubi huɗun da suka kai wannan matsayi, a sami 43.5. Tazarar da ke tsakanin 28.5 da 48.5 ta isa ta sa mutum ya rufe shago ko ya ci bashi ya buɗe na biyu.

Ƙanƙantar zubi ita ce yaudara ta biyu. A zubin Afrilu mutum ɗaya ya fi kashi uku, saboda haka idan mutum biyu suka yi tafiya, layin zai motsa da kusan bakwai. Akwai ma'auni na kusa da nake amfani da shi: a raba 100 da tushen murabba'in yawan zubin, abin da ya fito shi ne faɗin rawar da sa'a kaɗai za ta iya jawowa, sama ko ƙasa. Ga mutum 30 kusan 18 ne, ga 60 kusan 13, ga 100 kuma 10. Da wannan ma'auni, bambancin 65 na Janairu da 70 na Afrilu ba komai ba ne, kuma bai kamata kowa ya gina magana a kansa ba. Bambancin 45 na Mayu da 66 na magabatansa kuwa ya kai 21, ya wuce rawar, shi ya sa na ɗauke shi da muhimmanci. Shagon da yake samun mutum goma ko sha biyar a wata gara ya haɗa zubinsa wata uku-uku.

Ta uku tana ɓoye a cikin kalanda. Wanda aka rubuta ranar 29 ga wata ya dawo ranar 2 ga na gaba an ƙirga shi a matsayin wanda ya dawo a wata na 1, alhali kwana huɗu ko ƙasa da haka ne tsakani, wanda aka rubuta ranar 1 ga wata kuwa sai ya yi wata guda yana nan kafin ya sami wannan matsayi. Muddin rajista ta bazu a cikin wata, abin yana daidaita kansa tsakanin zubi da zubi. Amma idan wani talla ya tara mutane a makon ƙarshe na wata, gidan 1 na wannan zubi zai kumbura, idan kuma a makon farko ne zai motse. Mun duba ranakun Mayu saboda wannan, muka ga rangwamen ya ɗauki watan duka kuma rajistar ta bazu. Da ba haka ba, da sai mu ɗauko ainihin ranar rajista zuwa wani gida, a ce `G2`, mu lissafa tazarar da kwana talatin-talatin ta hanyar `=ENT((B2-G2)/30)`, tare da kula cewa ba a cika gida sai duk ƴan zubin sun kammala kwanakinsa.

A ƙarshe, jadawalin yana ƙirga kawuna ne, bai san nauyinsu ba. Mai kaji ashirin da mai kaji dubu biyu kowanne 1 ne a cikinsa. Don ganin ɓangaren kuɗi, sai a kwafi fomular jadawalin a canza `Ciniki!$F:$F` zuwa `Ciniki!$C:$C`, sai kowane gida ya nuna sefa nawa zubin ya kashe a watan. Idan kawuna sun tsaya a rabi amma kuɗin yana ta raguwa, manyan ne suke zamewa ana barin ƙanana, kuma wannan ya fi gaggawa.

Abin da za a riƙa yi kowane wata

Da zarar an gina shafukan, aikin wata bai wuce minti talatin ba. A ranar farko ko ta biyu ga sabon wata ana shigar da sababbin mutane da cinikin watan da ya ƙare, a ja fomulolin ƙasa, a ƙara layi ɗaya na sabon zubi da gida ɗaya a layin sama, sannan a matsar da ranar da ke `K1` gaba da wata ɗaya. Idan jadawalin ya faɗaɗa har ya kusa `K1`, sai a yanke gidan a manna shi can gaba, Excel zai gyara fomulolin da kansa. A gefen kowane wata kuma ana rubuta abin da ya faru a cikinsa da jimla ɗaya, ko azumi ne, ko yankewar kaya, ko ƙarin farashi, ko rangwame, domin bayan shekara babu wanda zai tuna dalilin da ya sa wani layi na karkace ya nutse.

Kawu ya ƙara abu ɗaya da ban yi tunaninsa ba. Ya ce in fitar masa da sunayen mutum 33 na zubin Mayu da ba su dawo a Yuni ba, tare da irin kajin kowa da unguwarsa. Ana samun su ne ta sa wannan fomula a gidan `E2` na shafin `Mutane`, tunda `D` yana ɗauke da irin kaji, sannan a tace ƴan Mayu da suka sami 0:

```
=NB.SI.ENS(Ciniki!A:A;A2;Ciniki!E:E;1)
```

Ya raba sunayen gida biyu, ya ba yaron shago masu kajin nama ya tambaye su ranar da za su sake zubi, shi kuma ya riƙe masu kajin ƙwai, ya ce waɗannan da bakinsa zai kira su bayan La'asar, ya ji a wane shago suke saye yanzu kuma a kan nawa.